Barcin ya isa, to gajiyar ta mece ce?

Ku matso, 'yan'uwa, ku gyara zama, yau maganar tamu ce mu kaɗai. Kun san irin gajiyar nan da ba ta jin barci? Kin kwanta bayan isha'i, ba yaron da ya tashe ki, ba sauron da ya yi miki kiɗa a kunne, amma da asuba ki ji kamar an ɗaure miki dutsen niƙa a ƙugu. Ki idar da salla ki zauna kan darduma kina lallashin kanki ki miƙe. Shara kaɗan sai haki, ki ɗauko bokiti daga bakin rijiya zuciya na dukan uku-uku, ki tashi daga tsugunno ki ga duhu-duhu ya gilma. A gida a ce son jiki ne, mu ma a ranmu mu fara yarda. Allah sarki mu.

Wata daga cikinmu, mai ɗinki, ba sai na faɗi suna ba don kun riga kun fara murmushi, ta daɗe a wannan hali. Haihuwa uku kusa da kusa, ga al'ada da take yi mata kwana tara, kwanakin farko har da gudaji, tana canza auduga kusan kowace sa'a biyu. Ita a wurinta ba ciwo ba ne, haka jikinta yake, haka ma na yayarta yake. Abin da ya tona asirin ma abin dariya ne: ƙanƙara. Baiwar Allah nan ta koma tauna ƙanƙara kamar gyaɗa, har cikin hunturu, ƙurus-ƙurus muna hira tana yi. Muna ta tsokanarta wai ko ciki ne, sai ƙawarmu da ke aikin jinya ta kamo fuskarta, ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta duba tafin hannunta, ta ce gobe-gobe ki je a auna miki jini. Ashe kwaɗayin ƙanƙara, ko na farar ƙasa da wasunmu ke ɓoyewa a jaka, sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Wasu na ga sun sunkuyar da kai, ba komai, ba mu ga kowa ba!

Bari in faɗa muku yadda abin yake, don in an gane shi tsoro yakan ragu. Cikin jininmu akwai wani abu ja da ake kira himogulobin, shi ne ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ga tsoka da ƙwaƙwalwa da ko'ina. Jiki ba ya iya ƙera shi sai da sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti za ki ji suna cewa ayon. In ya yi ƙasa, iskar da ke isa ga gaɓoɓi ta ragu, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓi. Shi ne hakin nan, shi ne bugun zuciyar, shi ne ciwon kan da ba ya tafiya. Barci kuwa ba ya ƙera jini, ko kwana biyu kika yi a kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: macen da ba ta da ciki, in himogulobin ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, mai ciki 11, namiji 13. A asibitocinmu an fi rubuta PCV, wanda yakan zama kamar ninki uku na wancan, wato 36 ke nan ga mace. Ita mutuniyar tamu 27 aka samu. Ta dawo tana riƙe da takarda tana cewa, "Ashe da ɗan wannan jinin nake taka keke!" Muka yi dariya, amma dai jikinmu ya yi sanyi.

Ga wani abu da ba kowa ke faɗa mana ba. Jiki yana da ajiyar ƙarfe, kuma ajiyar ce ke fara ƙarewa kafin jinin ya nuna. Saboda haka mace za ta iya zuwa a ce mata PCV ɗinta lafiya lau, alhali ajiyar ta yi ƙasa sosai, tana fama da kasala, gashi na zuba a mataji, ƙafafu na yi mata wani irin tsukuku da dare har sai ta yi ta motsa su. Gwajin da ke nuna ajiyar sunansa feritin. Ƙasa da 15 babu shakka ta ƙare, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani. Sai dai yana da hali guda: in kina zazzaɓi ko wani kumburi a jiki yakan hau sama ya yaudari mai dubawa, don haka ki gaya wa likita in ba ki daɗe da tashi daga ciwo ba.

To, an ba ta ƙwayar nan da muka sani tun wurin awon ciki, feros salfet, mai miligiram 200, wadda ainihin ƙarfen cikinta kusan 65 ne. Nan ne fa yawancinmu muke faɗuwa. A sha kwana huɗu, bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ciki ya ɗaure, zuciya na tashi, sai a tura kwalin bayan kwanuka a manta. Baƙin bayan gidan da ke zuwa da shan ƙwayar ba abin tsoro ba ne, ragowar ƙarfen ne da hanji bai tsotse ba. In ta dame ki, koma wa likita, sau da yawa yakan mai da ita ɗaya a rana ko ma rana bisa rana, kuma tana aiki. Da ruwa ake sha, ko da lemon zaƙi, don sinadarin da ke cikin lemo da gwaiba yana taimaka wa hanji ya karɓe ta. Shayi kuwa, wayyo shayinmu, shi ne babban mai hanawa, shi da madara. A bar tazarar sa'a ɗaya zuwa biyu tsakaninsu da ƙwayar, har ma da abincin da kike so ya ƙara miki jini. Na san an taɓo wasu, masu shayin safe mai kauri har cokali ya tsaya!

Kuma ba da sati ɗaya ake warkewa ba, ƙawata. In komai na tafiya daidai, himogulobin kan ƙaru da kusan 2 cikin sati uku zuwa huɗu, shi ya sa ake cewa ki dawo a sake aunawa bayan wata guda. Ko ya koma daidai, akan ci gaba da sha kamar wata uku don a cika ajiyar da ta ƙare. In an auna bai motsa ba, to ko ba a shan maganin, ko hanji ba ya karɓa, ko kuma jinin na zuba ta wani wuri.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so mu riƙe. Zuba ruwa a tulu mai yoyo aikin banza ne, sai an nemo hudar. Ita mai ɗinkin, hoton ciki ya nuna ƙari a mahaifa, irin wanda ba kansa ba, shi ke sa al'adar yawa, kuma sai da aka fara magance wannan sannan jinin ya zauna. Wata tata hanyar tsutsar ciki ce, wata zazzaɓin sauro ne da ke ta dawowa yana fasa ƙwayoyin jini, wata kuma gyambon ciki ne da maganin ciwon jikin nan na kemis, irin su ibuprofen da diklofenak, ya haddasa don kullum sai ta sha kafin ta kwanta. Macen da ta daina al'ada, ko maigida, in aka ce ƙarfensu ya yi ƙasa, wannan ba na ƙwaya kawai ba ne, sai an binciki ciki da hanji. Mai sikila kuma kada ta taɓa maganin ƙarin jini da kanta, nata ƙarancin daban ne, ƙarfen yana iya yi mata yawa, musamman in an sha ƙara mata jini. Haɗin lemon malti da madarar gwangwani da ake kai wa mai jego, daɗi kam akwai, ƙarfe ne dai babu abin kirki. Hanta da jan nama da kifi su ne a gaba, wake da zogale da alayyafo na biye, amma wadda ta kai 27 abinci kaɗai ba zai fisshe ta da wuri ba. Ƙwayar kuma a ɗaga ta sama inda hannun yara ba ya kaiwa, tana kama da alawa, kuma yawanta guba ne gare su.

Yanzu in an auna jini da ajiya duk lafiya fa? Sai a leƙa wuya. Akwai wani ɗan abu a gaban maƙogwaro, tayirod, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, amma yana iya yin rauni ba tare da ya kumbura ba. Tasa gajiyar tana zuwa da rakiya: kowa na fifita ke kina neman mayafi, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, ƙiba na ƙaruwa ba ki ƙara loma ba, mantuwa ta yi yawa. Yakan taso wa wasu cikin shekarar farko bayan haihuwa, sai a ce wahalar goyo ce. Har al'ada yakan ƙara wa yawa, kun ga ke nan mace ɗaya na iya haɗa biyun. Gwajinsa TSH, kuma in ya hau sama ne ake cewa tayirod ɗin ya yi kasala. Maganinsa da safe ake sha kafin a ci komai, kuma wadda ke shan na ƙarfe ta raba su da sa'a huɗu, in ba haka ba ƙarfen ya riƙe shi a hanji.

Saura barcin kansa, wanda muke rantsuwa ya isa. Sa'a takwas a kan gado ba lallai sa'a takwas ta hutu ba ce. Goron la'asar da shayin bayan magariba suna nan a jiki, rabin ƙarfinsu bai fita ba sai bayan kusan sa'a biyar, ido a rufe amma barcin sama-sama. Sai kuma minshari, irin wanda numfashi ke tsayawa cak, a yi shiru, sannan a ja da ƙarfi kamar an shaƙe mutum. Mai yin sa ba ta sani, ita dai ta farka da ciwon kai da busasshen baki, ta wuni tana gyangyaɗi, hawan jini kuma ya ƙi jin magani. Wannan na likita ne, ba na dariya ba, sai dai kafin ki je dole ki sami shaida, kuma shaidar na kwance a gefenki. Ki daure ki tambayi Alhaji yau da dare ko kina minshari. Ki dai shirya, don wanda ya yi shekaru yana haƙuri in ya sami ƙofa, har kwaikwayonki zai yi, yara na leƙe suna ƙyaƙyatawa!