Shagona yana ƙarƙashin gado

Shekara tara ina da shago a Umdurman kafin in miƙa makulli. Mai shagon ya ninka haya, ya ce kuma sai in biya ta wata shida a dunƙule. Na zagaya neman wani, duk inda na je sai an fara da "khulu rijil", wato kuɗin da za ka ba wanda ke ciki don ya tashi, kafin ma a zo zancen haya. Na lissafa na ga kuɗin nan kaɗai sun kai jarina. To in na biya, me zan zuba a shagon?

Na gwada zama cikin farrasha, masu baza kaya a ƙasa, a gefen Suk Sha'abi. Ciniki akwai, amma ranar da aka zo kasha, aka kwashe kayan masu talla a mota, ranar ribar wata ta tafi. Uwargida ce ta ce, "Malam, ka bar biyan hayar da ba ka gani. Mata suna cikin gida, kuma su ke sayen zanen gado."

Nan na koma harka da dallaliyya, dillaliyarmu ta gida ke nan. Ina saro zanen gado dozin-dozin a Suk Libiya, babbar kasuwar sari ta yammacin Umdurman, in ɗora a raksha zuwa gida a Umbadda, in tura ƙarƙashin gado. Mata uku suna ɗauka su shiga gida-gida, a biya kaɗan-kaɗan. Na zaɓi zanen gado ne saboda ba ya ruɓewa, ba ruwansa da lambar ƙafa kamar takalmi, kuma ba a aure ko Sallah ba tare da sabo ba.

Amma akwai rami a wannan hanya, kuma na faɗa shi a 2021. A watan Fabrairu na shekarar gwamnati ta karya darajar jine, kuɗin Sudan, daga 55 zuwa wajen 375 a dala ɗaya, tsadar kaya kuma ta haura kashi 400 cikin ɗari a watan Yuli. Bari in daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi. Na saro zane 60, kowanne jine 1,000. Na bayar a kan 1,500, biya cikin wata uku, ladan dallaliyya 100 a kowane zane. Kowa ya biya, ba wanda ya cinye min ko sisi. Na tara 84,000, littafi ya nuna ribar 24,000. Da na koma Suk Libiya sai na tarar zanen ya zama 1,700. Kuɗina suka sayo 49. Na fita da 60, na dawo da 49, ina kuma murnar na ci riba!

Tun daga ranar na daina ƙirga jarina da kuɗi, da zane nake ƙirgawa. Ƙarshen kowane wata sai in haɗa na ƙarƙashin gado da wanda bashin da ke waje zai iya sayowa a farashin ranar. In ya gaza na watan jiya, to asara nake yi, komai kyan littafi.

Sai na canza abu uku. Kafin in yanka wa kaya farashi, nakan buga wa mai sari waya in ji kuɗin yau, a kansa nake ɗora riba, ba a kan yadda na saya ba. Bashi kuma ya koma mako huɗu, rabi a hannu, saura duk Alhamis. Rabin nan shi ne sirrin: in zane ya tsaya min a 1,000 na sayar 1,500, to 750 sun dawo tun ranar farko. Na uku, kuɗi ba sa kwana. Abin da aka kawo da yamma, kafin isha'i na tura wa mai sari ta Bankak ya ware min kaya. Sabuwar dallaliyya kuwa dozin ɗaya take samu, sai ta kawo kuɗinsa cif sau biyu kafin in ƙara.

Wannan hanya tana da iyaka. Bashi yana tafiya ne inda aka san ƙofar gidan kowa. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka wawashe kasuwanni har da Suk Libiya, unguwanni suka watse. Abin da ke hannun mutane na yafe, don su ma gudun rai suke yi. Dozin huɗu da ke ƙarƙashin gado kuwa sun shiga buhu biyu, mun fita da su, da su kuma muka sake farawa. Da na biya khulu rijil ɗin nan, da ƙofar ƙarfe kawai na bari a baya.

Ɗan'uwa, ko a Umdurman kake ko a Kantin Kwari, in haya ta kore ka, ka fara da dozin biyu da mace ɗaya mai amana a unguwarku. Ƙarshen wata kuma ka ƙirga zane kafin ka ƙirga kuɗi.