Me ya sa silaid ɗinmu suke kama da juna kowace Litinin?

'Yan uwa ɗalibai, wasu suna min tsiya wai dizain ɗin sanarwar ƙungiyarmu ba ya canzawa. To, da gangan ne. Ni nake haɗa jerin hotunan da muke sakawa a Instagram duk Litinin, a waya, daga ɗakina a Liman Abaji kafin in kama hanyar NSUK. Shafi uku kawai na zana a Canva: bango, shafin ciki, da na rufewa. Kowane mako kwafarsu nake yi, in sauya rubutu.

Girman duka 1080 × 1350 ne, domin Instagram yana yanka sauran hotunan ne daidai da siffar na farko. Sannan tun 2025 allon furofayil ya koma 3:4, wato yana cinye kusan fikzel 34 a kowane gefe na bangon. Shi ya sa nake barin fikzel 100 fili a dama da hagu. Taken bango kuma ba ya wuce kalma shida.

Inda aka fi shan wahala shi ne salon haruffa. Yawancin masu kyan gani ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Za ka rubuta “ƙarshen rajista” sai ka ga ƙ ɗin ta fi sauran siranta, ko ta zama akwati. Manhajar ce ta aro ta daga wani salon. Kafin in zaɓi salo, sai na buga ƁƊƘ ɓɗƙ, da kauri da ba kauri. Noto Sans yana da su duka, a kansa na tsaya.

Ga misali, makon darasin bita kafin jarrabawa. Bango kore ne, #0B6B3A, da farin take: “Bita: ranaku da ɗakuna”. Shafi na 2 zuwa 5 farare ne, kwas ɗaya a kowanne: lambar kwas a sama, rana da lokaci a tsakiya, ɗaki a ƙasa. Na 6 ya ce a tura wa 'yan aji. Mako na gaba batun tallafin karatu ne, amma kowane abu yana mazauninsa.

A gindin kowane shafi akwai tambari, kwanan wata, da lamba kamar 3/6, kuma na kulle su kada yatsa ya ture su. Dalili? Mutanenmu ba sa tura jerin duka. Shafi ɗaya ake ɗauka a jefa guruf na WhatsApp. In babu kwanan wata, sanarwar zangon da ya wuce za ta dawo, wani ya biya kuɗin acaɓa ya je ya tarar da ɗaki a kulle.

Amma fa tamfilet yana da iyaka. In rubutu ya yi yawa, ba na ƙanƙanta haruffa, shafi nake ƙarawa. Sanarwar rasuwa kuma tana da nata bango, fari zalla, ba ado.

Wanda zai gaji wannan aikin, fayil ɗin na nan. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.