Yara 84, Minti 40: Aikin Rukuni a Unguwar Boro

Duk wanda aka tura koyon aikin koyarwa ya san ana neman rahoton waiwaye a ƙarshe. Ni na bi tsarin Graham Gibbs, wanda ya fitar a 1988 a kwalejin kimiyya da fasaha ta Oxford, wato irin tamu. Matakansa shida ne, kuma ga yadda suka kaya a wata ƙaramar sakandare da ke Unguwar Boro.

Na farko, me ya faru? Yara 84 ne a aji biyu, adadin da ya zarce abin da manufar ilimi ta ƙasa ta ce. Darasin haɗa lantarki ne: batir, waya da ƙwai biyu. Bencina ba sa matsuwa, don haka 'yan gaba uku suka juyo suka fuskanci na baya uku. Rukuni 14 ke nan, kayan aiki kuwa saiti 7, ana karɓa-karɓa.

Na biyu, me na ji? Gaskiya gabana ya faɗi, don ajin ya koma kamar kasuwar Sabo.

Na uku, awo. Rukunan da ke da kaya duk sun kunna ƙwan. Amma da na ce kowa ya rubuta shi kaɗai me zai faru in an cire ƙwai ɗaya daga jeri, 31 kacal suka ce ɗayan ma zai mutu.

Na huɗu, dalili, kuma nan ne gizo ke saƙa. Da na kasa kunne, ashe yawancin surutun bayani ne, wani da Hausa, wani da Burokin, yaro na fassara wa ɗan'uwansa. Matsalar tana hannu. Haɗa waya aikin mutum biyu ne, sauran huɗun 'yan kallo. Alamar a fili take: wanda ya taɓa waya shi ya ci tambayar. Ga kuma lokaci: in kowane rukuni ya yi bayanin minti biyu, minti 28 sun tafi.

Na biyar, abin da na fahimta: kunnuwar ƙwai shaidar rukuni ce, ba ta kowane yaro ba.

Na shida, shirin gaba. Kowane yaro zai ɗauki lamba daga 1 zuwa 6 tare da aikinsa: riƙe batir, haɗa waya, cire ƙwai, zane, rubutu, duba agogo. Masu jiran kaya za su fara zana hasashensu. A ƙarshe sai in kira lamba, misali 4, a rukuni uku kawai. Tunda ba wanda ya san wa za a kira, dole su koya wa juna.

'Yan uwa masu fita zango mai zuwa, ku tanadi tambaya guda da kowa zai amsa shi kaɗai. In babu ita, a mataki na huɗu shaci-faɗi kawai za ku rubuta.