Takardar da ta koya mini jin kalmar "a'a"

Shafi bakwai ce takardar da aka miƙo mini a Ƙaura Namoda, an rubuta ta da Turanci, aka ce in mayar da ita Hausa kafin mako ya zagayo. Takardar neman amincewa ce ta wani bincike kan ƙarancin jini a jikin ƙananan yara, wanda za a gudanar a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Za a riƙa ba yaro maganin ƙarin jini na ruwa, a kuma ɗebi jininsa sau uku cikin wata shida don a ga yadda yake farfaɗowa. Kwana biyu na yi ina aikin, na kuma miƙa shi ina jin cewa ko malamin da ya koya mini Hausa ba zai sami abin gyara ba. Nahawun kuwa bai da aibu. Aibun yana wani wuri, sai da na je Shinkafi na gano shi.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, mata sun shigo daga ƙauyuka sun cika rumfar asibiti. Abokiyar aikina ta karanta wa wata matashiya takardar tun daga farko har ƙarshe, matar tana gyaɗa kai, ɗanta na barci a bayanta. Da aka gama ta miƙo babban yatsa a shafa mata tawada. Ban san abin da ya sa na tsayar da ita ba. Na ce, "Baiwar Allah, idan gobe kika ga ba ki son ci gaba, me zai faru?" Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, "Ai sai ku hana shi magani, Malam." Sakin layi guda muka karanta mata a kan cewa ba za a hana ba. Ta ji shi da kunnenta, amma bai shiga ba.

Surukarta, wata dattijuwa da ke zaune a gefe, ita ta ƙarasa ni. Ta ce, "Ɗan nan, na ji kun ce aikin na sa-kai ne. Mu ba mu da ɗa a cikin 'yan sa-kai, kada ku rubuta mu." Sai da gabana ya faɗi. Kalmar Turancin da ke nufin mutum ya shiga abu bisa raɗin kansa ita na fassara da "sa-kai", kamar yadda kowane ƙamus zai yi. Na manta cewa a Zamfara ta yau, ɗan sa-kai mutum ne mai ɗauke da makami, kuma a ce sunan gidanka yana cikin jerinsu magana ce ta rai da mutuwa. Daga nan na koma ina bin kalmomina ɗaya bayan ɗaya da kunnen wannan tsohuwa. "Bincike" a wurinta aikin jami'an tsaro ne. "Gwaji" shi ne abin da likita ke yi don ya gano ciwonka, wato wani ɓangare na jinya, ba abin da ake neman izininka a kai ba. "Haɗari" kuwa, na mota ne.

Dokar ɗa'ar binciken lafiya ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta tanadi cewa a rubuta irin wannan takarda da harshen da mai ilimin shekara tara a makaranta zai fahimta. Manufa ce mai kyau, amma yawancin matan da ke zaune a rumfar nan ba su taɓa shiga ajin boko ba, ko da yake da dama cikinsu sun yi allo, wasu ma suna karanta ajami. Kuma ba mu da hujjar yin sakaci, domin ƙasar Hausa ta riga ta ɗanɗana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan labari yana cikin abubuwan da suka rura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma har yau ana tuna shi a zaurukan da ba a taɓa jin sunan kamfanin ba.

Na roƙi shugaban aikin ya ba mu mako uku. Bai ji daɗi ba, domin duk canjin da aka yi wa takardar sai ya koma gaban kwamitin ɗa'a ya sake amincewa, kuma damina na matsowa. Ya dai yarda.

Abu na farko da muka yi shi ne ajiye Turancin gefe. Muka zauna da ungozomomi biyu da wata malamar Islamiyya, na bayyana musu aikin da baki, na ce su faɗa mini yadda za su gaya wa ƙanwarsu. Abin da suka faɗa shi muka rubuta. Jimlar farko ta zama: "Wannan ba jinyar ɗanki ba ce. Jinyarsa daban, kuma za a yi masa ko kin yarda da wannan ko ba ki yarda ba. Mu muna son mu koyi wani abu ne da ba mu sani ba tukuna." Na yi gardama kan "ba mu sani ba", ina ganin zai zubar da ƙimar likitoci. Malamar ta ce idan kun sani, me kuke nema? Na yi shiru.

Sai batun illa. Tsohuwar takarda ta ce za a ɗebi jini mililita 3, ta kuma jero illolin maganin a layi guda, manya da ƙanana a cakuɗe. Mililita ba ta nufin komai ga wanda bai taɓa auna ta ba, kuma inda babu ma'auni zargi ke cike gurbin. Mun sha jin cewa kwalba ake cikawa a sayar. Muka sami cokalin shayi, wanda ke ɗaukar mililita 5, muka riƙa zuba ruwan zoɓo ɗan fiye da rabinsa a gaban uwa, mu ce iyakarsa ke nan, kuma sau uku. Muka faɗi gaskiya cewa allurar tana da zafi, yaro zai yi kuka, wurin yana iya ɗan kumbura. Illolin maganin kuma muka raba su biyu bisa abin da uwa za ta yi. Akwai waɗanda za ta gani kada ta tsorata: kashin yaro zai yi baƙi, cikinsa na iya ɗaurewa ko ya ɗan murɗa. Akwai kuma wanda in ta gani ta bar komai ta taho: idan yaro ya sami kwalbar ya kwankwaɗe, domin sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin guba ne in ya yi yawa, yana iya kisa, kuma yaron na iya yin kamar ya warware bayan amai alhali cutar tana ci a ciki. Wannan gargaɗi, wanda shi ne mafi muhimmanci a takardar duka, a shafi na biyar yake a da, tsakanin bayanin inshora da adireshin kwamiti. Muka dawo da shi gaba, da hoton kwalba a rataye a sama, inda hannun yaro ba ya kai.

'Yancin fita shi ya fi ba mu wuya, kuma a nan na gane cewa gyaran kalma kaɗai ba zai wadatar ba. Macen da ta taso cikin alkunya ba za ta dubi mai farar riga, wanda ya ba ɗanta magani kyauta, ta ce masa ta fasa ba. Ga shi mai unguwa ne ya yi shela, maigida kuma ya ce ta je. Dangwala yatsa a saninta alƙawari ne, irin na bashi ko na karɓar tallafi, kuma mutumin kirki ba ya saɓa alƙawari. Saboda haka muka rubuta ƙarara: "Yatsan da kika dangwala shaida ce cewa an yi miki bayani. Ba bashi kika ci ba. Kuɗin motar da aka ba ki ba za a ce ki mayar ba. Ba sai kin faɗi dalili ba." Muka kuma sauya tsarin zama. Teburinmu ya bar layin ganin likita ya koma can ƙarƙashin bishiya, sai uwa ta karɓi maganin ɗanta ta ƙulle a gefen zane sannan a yi mata maganarmu. Ba a karɓar yatsa a ranar farko. Ta je gida ta yi shawara. Muna neman izinin maigida kamar yadda al'ada ta tanada, amma muna sake tambayarta ita kaɗai, a gaban shaidar da ba ma'aikaciyarmu ba.

Tsohuwar takarda ta ce mai son fita ya kira wata lamba. Duk wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, ya san darajar irin wannan lamba, balle ga macen da wayar gidan tana aljihun mijinta. Muka ba kowace uwa ɗan kati, muka ce idan ta fasa ta miƙa wa ungozomar unguwarsu, ko ta aiko yaro da shi, ba sai ta haɗa ido da mu ba. Mun kuma faɗi iyakar wannan 'yanci, don kada mu yi alƙawarin da ba za mu cika ba: jinin da ba a riga an auna ba za a zubar in ta buƙata, amma abin da aka riga aka haɗa cikin lissafi ba tare da sunanta ba, ba zai ciru ba.

Daga ƙarshe muka daina tambayar "kin gane?", domin amsarta kullum "e" ce. Mukan ce, "Idan kin koma gida maigida ya tambaye ki abin da muka ce, me za ki faɗa masa?" Sai mu saurara ko za ta ambaci abu uku: cewa wannan daban ne da jinya, cewa kwalbar na da haɗari ga yaro, da cewa tana iya fasawa. In ɗaya ya faɗi, laifin bayaninmu ne, sai mu sake. Wani malami da bai taɓa ganin Turancin asali ba ya mayar da sabuwar Hausar zuwa Turanci, aka kai wa kwamiti duka biyun. Takardar ta dawo shafi uku, da kwafin ajami ga mai so.

Ba zan ɓoye ba, masu ƙin shiga sun ƙaru, har wani abokin aiki ya ce mun koya wa mutane gudunmu. Akwai kuma abin da har yau yake damuna. A Zurmi mun tarar da matan da aka koro daga ƙauyukansu, waɗanda kuɗin motar da muke bayarwa shi ne abincin yininsu. Irin wannan mata za ta maimaita maka abu ukun nan daidai, ta ce ta san tana iya fasawa, kai ma ka san ba za ta fasa ba.

A wata na uku wata ungozoma a Zurmi ta kawo mini kati a naɗe cikin leda. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Bayan mako biyu na hango mai katin a layin ganin likita, yaron yana zazzaɓi. Ta gan ni ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Na ƙarasa na gaishe ta, na tambayi jikin yaro, ta amsa a hankali tana kallon ƙasa. Aka kira sunanta, ta shiga. Da ta fito da ƙullin magani a hannu sai ta biyo ta gaban teburinmu, ta ɗan tsaya ta ce, "Malam, sai an jima."