Kafin ka sa hannu a takardar murabaha

'Yan uwa manoma da 'yan kasuwa na Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a Kano a 2012 ake maimaita magana ɗaya: wai riba da kuɗin ruwa duk ɗaya ne, suna aka sauya. Wannan magana tana damuna, domin amsarta tana cikin takardar biyan kanta.

A ce mai casar shinkafa a Tudun Wada yana son injin naira 1,200,000. A murabaha banki ne zai sayi injin ya zama nasa, sannan ya sayar masa da ribar 240,000. Farashi ya zama 1,440,000, ana biyan 120,000 duk wata har wata 12. Abu uku zai nema a takardar: kuɗin saye, riba, da jimillar farashi. Wannan jimilla ita ce bashinsa tun ranar ciniki. Ko da jadawalin ya raba kowane biya gida biyu, uwar kuɗi da riba, lissafin littafin banki ne, ba ya taɓa jimillar.

A takardar rancen ruwa kuwa kuɗi aka ba ka, ruwan yana bin abin da ya rage a kanka da yawan kwanaki. A ce 3 cikin 100 ne a wata, kana rage uwar kuɗi da 100,000. Ruwan watan farko 36,000, na biyu 33,000, haka yake sauka, jimilla 234,000. Kun ga ya ma fi araha da 6,000, saboda haka kada kowa ya ce muku murabaha dole ta fi sauƙi.

Ranar da kasuwa ta tsaya ake ganin bambancin. Mai rancen ruwa da ya kasa biya a watan farko, watan gaba ma a kan 1,200,000 za a lissafa masa, kuma sau da yawa a ɗora ruwa a kan ruwan da bai biya ba. Mai murabaha yana nan a kan 1,440,000. Ana iya cin sa tarar jinkiri, amma a ƙa'ida sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Haka nan in ya biya da wuri, rangwame yana hannun banki, kada ya ɗauka haƙƙinsa ne.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne mallaka. Ka duba rasidin dillali: sunan wa ke kai, kuma ranarsa ta riga ranar da aka sayar maka? In ka riga ka sayi injin da kanka sannan aka cike takardu, ba a yi ciniki ba, rance ne. Don Allah, ka nemi a nuna maka rasidin da jimillar farashi a rubuce kafin ka sa hannu.