An ce ka samu aikin, kuma waya ta yi shiru

Masu saurarenmu na Maraɗi da Damagaram sun sha kawo mana wannan kuka: yaro ya kai dosiye a wata ƙungiya mai zaman kanta, an yi ganawa, an kira shi an ce shi aka ɗauka, kwantara za ta fito ran Litinin. Litinin ta wuce, wata ta zo, shiru. A nan ne wasu ke ɓata rawarsu da tsalle.

Mu dai abin da muka lura, jinkirin yakan fito daga wuri uku. Ko babban buro na Yamai bai sa hannu ba, ko mai ba da kuɗin poroje bai sako su ba, ko wata takarda ta dosiyenka ta tsufa, kamar ta shaidar kotu da ake so kada ta wuce wata 3. Wanda ya kira ka sau da yawa shi ma jira yake.

To, ƙaƙa za a tambaya? A bar ranar alkawari ta wuce da kwana 3 na aiki. Sannan a rubuta wa wanda ya ba da labarin, kada a tsallake shi a tafi wurin darakta, kada kuma a tura kawu ya je ya yi magana. Rubutu ya fi kira, don yana ba mutum sararin dubawa kafin ya amsa. Misali:

“Barka da aiki, Malam. Ran 4 ga wata kun shaida mini an ɗauke ni aikin lissafin kuɗi. Ina son in ji ko maganar tana nan, mi ya rage, kuma yaushe zan sake tuntuɓarku. In akwai takardar da zan kawo, a shirye nike. Na gode.”

Amsar ita za ta nuna maka inda aka kwana. In aka ce “muna jiran Yamai, nemi mu ran 20”, jinkiri ne, tunda an faɗi dalili an kuma sa rana. In kuwa sau biyu ana cewa “za mu kira ka” babu rana, ko ka ga an sake sanarwar gurbin nan, to maganar ta fara sanyi. Sai ka sake rubutu sau ɗaya bayan sati guda, ka roƙi amsa ko da a'a ce.

Kafin nan, ɗan'uwa, kada ka ajiye aikin da ke hannunka, kada ka kama hayar ɗaki a Tawa saboda maganar waya. Sai kwantara ta shigo hannu da sa hannu. Kuma in an fasa, yi godiya ka roƙi a riƙe dosiyenka: ma'aikatan ƙungiyoyin nan sun san juna, gobe wani poroje zai buɗe.