Na Buɗe Littafin Mafarkai

A gidanmu a Dawaki ni ake kawo wa mafarki, saboda ina karanta littafin fassara da ake jingina wa Ibn Sirin. Bara na fara rubuta kowanne, da ranarsa, da abin da na faɗa, tun kafin komai ya faru.

Jiya na duba. Cikin 23, 4 ne suka dace, 8 suka kauce, 11 kuwa maganata ta yi faɗin da kome ya faru zan ce shi ne. Da ban rubuta ba, 4 ɗin kaɗai zan tuna.

Ƙanwata ta ga maciji, na ce maƙiyi ne na kusa. Wata 3 tana gaba da aminiyarta a banza. Yau zan ba su haƙuri.